Mutum uku za su duba gyaran da na yi wa rahotonsu na Faransanci, yaya zan mayar musu da shi?

*Tambaya:* Assalamu alaikum Malam. Ina gyara wa mutane rubutun Faransanci a nan Maradi, yawanci kundin ɗalibai. Yanzu wata ƙungiya ta ba ni rahotonta na shekara, shafi 46, kuma mutum uku za su duba aikina: shugaban ofishinsu, mai kula da kuɗi, da wata jami'arsu da ke Yamai. Da na tura shafi goma na gwaji, shugaban ya ce duk ja ne, bai iya karantawa ba. In tura musu wankakke kawai? In kowa ya dawo mini da nasa gyaran, na wa zan ɗauka?

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka tura wankakke shi kaɗai, kuma kada ka zaɓi gyaran kowa a cikinsu. Zaɓin ba naka ba ne. Kai dai ka mayar musu da takarda ta yadda kowanne cikin ukun, in ya buɗe, zai gane abin da ka taɓa, da abin da ka bari da gangan, da abin da ake jiran bakinsa a kai. Bari in bi da kai ta wani rahoto irin naka da na taɓa yi wa wata ƙungiya mai aiki da mata a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa, domin kusan duk abin da zai same ka ya same ni a kansa.

Mu fara da jan nan da shugaban ya yi kuka da shi, domin yana da gaskiya. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Rahoton da nake ba ka labari shafi 48 ne, kuma da na ƙirga abin da ke bukatar gyara sai na ga fiye da rabi ba kuskuren harshe ba ne, na tsarin bugu ne: fili biyu a jere tsakanin kalmomi, alamar zance irin ta Ingilishi maimakon « » ta Faransanci, da filin nan marar rabuwa da Faransanci ke so kafin alamomin : ; ! ? wanda masu rubutun suka sa fili na yau da kullum a gurbinsa, har alamar takan faɗa farkon sabon layi ita kaɗai. In ka bar Suivi des modifications na Word, wato sawun gyara, a kunne ka gyara waɗannan, kowane ɗaya zai bar sawunsa a gefen shafi. Mai kula da kuɗi zai buɗe ya ga ɗaruruwan alamu, ya duba goma na farko ya ga duk fili ne da waƙafi, sai ya danna ya karɓe duka, har da gyara guda da ya shafi lissafinsa wanda shi ne ya kamata ya tsaya a kai.

Saboda haka nakan raba aikin tun kafin in fara karatu. Na farko ina ajiye kwafin da suka turo yadda yake, ba na taɓa shi. A kan kwafi na biyu, sawun gyara a kashe, nake share ƙurar bugu. Misali filin da ke gaban ɗigo biyu, da Rechercher et remplacer:

```
Rechercher : (fili ɗaya):
Remplacer par : ^s:
```

Wannan ^s shi ne fili marar rabuwa, kuma da yake abin da kake nema fili ne da ɗigo biyu tare, ba zai taɓa lokaci irin 10:30 ko adireshin intanet ba. In ka danna maɓallin ¶ za ka gan shi kamar ɗan ƙaramin zobe a sama. Amma akwai sharaɗi, kuma ina so ka riƙe shi da kyau: duk abin da ka gyara ba tare da sawu ba, dole ka faɗa musu shi a saƙon da ke raka takardar, kuma dole ya zama abin da ba zai iya canza ma'ana ba ko kaɗan. Fili da alamar zance, e. Harafi guda na kalma, a'a. Lamba kuwa ko kusa. Gara ma ka nemi izinin shugaban tun farko da jimla ɗaya, cewa gyaran fili da alamomi za ka yi shi shiru don kada ya cika musu ido. Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba.

Kafin ka kunna sawun, duba sunan da ordinatarka za ta manna wa gyaranka. Yana cikin Fichier, Options, Général, a gurbin Nom d'utilisateur. Yawancin injinan da muke saye na hannu ne, wani ya girka musu Word, sai ka ga sunan da ke ciki Utilisateur ne, ko HP, ko Admin. In kai da mai kula da kuɗi duk injinanku suna ɗauke da Admin, to Word zai ɗauke ku mutum ɗaya. Illar ba ta tsaya ga ruɗani ba: in mutum ya goge abin da aka saka da sunansa, Word na share shi gaba ɗaya ba tare da ya bar sawu ba, tunda a ganinsa mai abu ne ya janye abinsa. Ke nan zai iya goge gyaranka, ba wanda zai sani. Sa sunanka na gaskiya, ko ka rubuta Correcteur, ka kuma roƙi su ukun su duba nasu kafin su taɓa takardar. Kuma kada ka ce musu "nawa su ne ja". Launin kowace ordinata ke raba shi da kanta, abin da ya fito ja a wurinka yana iya fitowa shuɗi a Yamai. Da suna ake gane mai gyara.

Sai gyaran harshe, wanda shi ne ake yi da sawu a kunne. A rahoton nan akwai jimla kamar haka a sashe na 3.2:

```
Les formations que nous avons organisé à Guidan Roumdji
ont permis de toucher 1 520 femmes.
```

Kuskuren nahawu a bayyane yake: organisé ya kamata ta zama organisées, tunda abin da aka shirya, formations, ya gabaci aikatau, kuma jam'i ne na mace. Yadda za ka gyara shi ma abin lura ne. Masu sabon hannu sukan shafe jimlar duka su sake rubuta ta, sai mai dubawa ya ga layi biyu a soke, layi biyu sabo, ya zauna yana gwada su kalma da kalma don ya gano inda suka bambanta. Wasu kuma sukan ƙara harafi biyun kawai a ƙarshe, wanda a fuskar talho da wuya ido ya kama shi. Ni kalmar nake sauyawa ɗungurum: a soke organisé, a sa organisées. Ido na kama ta nan take, kuma wanda bai yarda ba zai iya ƙin ta ita kaɗai ba tare da ya rushe sauran jimlar ba. Irin wannan gyara ba ya bukatar sharhi. Ba darasin nahawu suka ba ka kuɗi ka yi musu ba, kuma in ka bi kowane kuskure da bayani, sharhin da ke da muhimmanci zai nutse a cikinsu.

A cikin jimlar nan dai akwai abin da ya fi nahawun nauyi. Rubutu ya ce mata 1 520, amma jadawali na 4 da ke shafi na gaba, in ka tara ƙauyukan, 1 250 yake bayarwa. Da gani ka san yatsa ne ya juya 2 da 5. Zuciyarka za ta ce ka gyara. Kada ka gyara. Ba ka san ko jadawalin ne ya manta ƙauye guda ba, kuma lambar nan ita masu ba su tallafi za su gwada da abin da ke cikin takardun kuɗi. Wannan aikin sharhi ne, ga kuma yadda na rubuta nawa, na maƙala shi a kan lambar kanta ba a kan sakin layin duka ba:

```
Q7 [finances] § 3.2 : 1 520 femmes. Tableau 4 : total 1 250.
Quel chiffre retenir ? Je n'ai rien modifié.
```

Dubi abin da ke ciki. Akwai lamba, Q7, wadda ni na sa da hannuna, domin ba kowane Word ke nuna lambar sharhi iri ɗaya ba, kuma wanda zai kira ka ta talho ya ce "Q7, na jadawali ne daidai" ya hutar da ku duka. Akwai wanda ake tambaya. Tambayar da ba a sa mata mai amsa ba, in mutum uku ke dubawa, kowa zai bar wa ɗan'uwansa ita, ta dawo maka yadda ta tafi. Akwai wurin da matsalar take, kuma da lambar sashe na nuna shi, ba da lambar shafi ba, saboda shafi yana motsi gwargwadon ko mutum na kallon takardar da sawu a bayyane ko a ɓoye, har ma da irin haruffan da ke cikin injinsa. Sai tambaya guda da za a iya amsawa da kalma ɗaya. Na ƙarshe, na faɗi ƙarara cewa ban taɓa komai ba. Sharhi irin "à revoir" ko alamar tambaya uku a jere ba ya gaya wa kowa abin da zai yi.

Akwai wani nau'in gyara da ke tsakanin biyun, kuma a nan ne masu gyara da yawa ke wuce gona da iri ba su sani ba. Rahoton ya ce aikinsu "a permis de réduire" barin makaranta da ƴan mata ke yi. Ni a karatuna, abin da shafukan suka nuna bai wuce "a contribué à réduire" ba. Na farkon yana cewa su suka rage, na biyun yana cewa sun taimaka aka rage. Duka biyun Faransanci ne lafiyayye, bambancin na iƙirari ne, kuma iƙirarin na ƙungiya ne. Haka devra da devrait: ɗaya alkawari, ɗaya tsammani. A irin wannan nakan bar rubutun yadda yake, in kawo shawarar a sharhi da alamar [suggestion], in sa wa shugaban. Ya karɓi tawa a wannan wurin, ya ƙi wasu biyu, kuma haƙƙinsa ne.

Abin da ya maimaitu sau da yawa kuma, sharhi ɗaya ya ishe shi. Sunan Gidan Rumji ya zo da rubutu iri uku a rahoton, kuɗi wani wuri FCFA wani wuri F CFA, sannan événement da évènement duk suna ciki. Na ƙarshen nan ka yi hattara da shi: tun gyaran ƙa'idar rubutun Faransanci na 1990, duka biyun karɓaɓɓu ne, haka coût da cout. Ba kuskure kake gyarawa ba, daidaitawa kake yi, don haka ka zaɓi wanda ya fi yawa a takardarsu, ka sa sharhi a wurin da ya fara fitowa cewa ka bi da sauran haka, ka wuce. In ba ka faɗa ba, wani cikinsu da ya yi lakkwal kafin sabuwar ƙa'ida ta bazu zai bi bayanka yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya yana ganin kai ne ka yi kuskure. A ƙarshe rahoton mai shafi 48 ya fita daga hannuna da sharhi 19, goma sha ɗaya tambayoyi, sauran shawara da bayanin daidaitawa. In naka ya haura hamsin, koma ka duba nawa ne a ciki suke jiran amsa da gaske.

Ka kuma rubuta kowane sharhi kamar mai ba su tallafi zai karanta shi, domin yakan faru a tura takarda sama da sharhin a jikinta. Kada ka rubuta cewa sashe kaza ba shi da ma'ana, ko wanda ya rubuta shi bai iya Faransanci ba. Faɗi abin da mai karatu zai iya fahimta iri biyu, ka kawo mafita.

Yanzu ga babbar maganar, wato yadda takardar za ta zaga tsakanin mutum uku. Kuskuren da na yi a wancan aikin shi ne na tura wa masu dubawa uku, irin naka, a saƙo ɗaya ban ce komai a kan tsari ba. Bayan kwana huɗu amsoshi uku suka dawo mini. Mai kula da kuɗi ya yi nasa da sawu a kunne, lafiya lau. Jami'ar Yamai ta karɓe duk gyarana tukuna, ta kashe sawu, ta sake rubuta sakin layi shida. Shugaban kuwa a talho ya karanta, ya turo mini saƙon murya ta Watsaf. Kwana biyu na yi ina haɗa su, aikin da ba ya cikin kuɗin da muka shirya.

Tun daga nan, kafin in karɓi aikin da mutum fiye da ɗaya zai duba, nakan yi wa wanda ya ba ni aikin tambaya ɗaya: in masu dubawa suka saɓa, maganar wa za a bi? Dole a sami mutum guda. Sannan in ba su shawarar takardar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kwafi guda: mai kula da kuɗi tukuna, tunda nasa amsar lambobi ce, sai jami'ar Yamai, sai shugaban a ƙarshe ya ga na kowa. Biyun farko kada su danna Accepter ko Refuser ko sau ɗaya. Dalili kuwa, karɓa da ƙi ba sa barin sawu. In mai kula da kuɗi ya ƙi gyaranka, rubutun zai koma yadda yake tun asali kamar ba ka taɓa wucewa ta wurin ba, shugaban ba zai san an yi gyaran ba balle ya san an ƙi shi. Wanda bai yarda da wani gyara ba, ya sa sharhi a kai ko ya amsa a ƙarƙashin naka da Répondre. In kana tsoron za su manta, a ƙarƙashin maɓallin Suivi des modifications akwai Verrouiller le suivi: yana hana kashe sawu, yana kuma hana karɓa da ƙi sai an buɗe. Ka ba shugaban kalmar buɗewar tun a saƙon farko, kada ka kulle wa mutane takardarsu ka riƙe makulli.

Na san lokaci ba kullum yake ba da damar bi da bi ba. Rahoto yakan zo maka saura mako guda a miƙa shi. In dole su duba lokaci ɗaya, to ka sa wa kwafin da ka tura suna mai lamba, kowa ya ƙara nasa a ƙarshe:

```
rapport_v2_correcteur.docx
rapport_v2_finances.docx
rapport_v2_niamey.docx
```

In sun dawo, a Révision ƙarƙashin Comparer akwai abu biyu da ake yawan ruɗawa. Combiner na haɗa kwafi biyu masu sawu ya bar wa kowa sunansa a kan gyaransa. Biyu-biyu yake yi: ka haɗa naka da na mai kula da kuɗi, ka ajiye sakamakon da sabon suna, sannan ka haɗa shi da na uku. Gyaran siffa, irin kauri da girman harafi, na kwafi ɗaya kawai yake iya riƙewa, zai tambaye ka wanne. Comparer kuwa shi ne maganin irin abin da jami'ar Yamai ta yi mini. Ka ba shi kwafin da ka tura da wanda ta dawo da shi, ya fito maka da duk abin da ta canza a matsayin sawu, kuma akwai gurbin da za ka rubuta sunan da za a manna wa canjin. Sa nata, kada ka bari ya sa naka, in ba haka ba sakin layi shida da ta rubuta za su zama kai ka rubuta su. Zai gargaɗe ka cewa zai ɗauki sawun da ke cikin kwafinka tamkar an karɓe su, ka amsa masa e, haka ake so. Bayan kowace haɗawa ka duba jadawalai da idonka, nan ne haɗin ya fi yin ɓarna. Saƙon muryar shugaban kuma na mayar da shi rubutu, kowace magana sharhi ɗaya a wurinta, da bayanin cewa daga bakinsa ne da ranar da ya faɗa.

A kwafin da aka haɗa ne za ka ga inda suka yi karo. A nawa, jami'ar Yamai ta mayar da bénéficiaires zuwa participantes a ko'ina, tana ganin ya fi mutunta matan. Mai kula da kuɗi kuma ya sa sharhi cewa kalmar farko ce ke cikin yarjejeniyarsu da masu tallafi. Kowannensu na da hujja, kuma ni ina da ra'ayi, amma ban zaɓa ba. Na bar sawun biyu a wurin, na sa sharhi guda da alamar [arbitrage] ga shugaban: ga abin da wance ta so da dalilinta, ga abin da wane ya ce, kalmar ta fito sau 23, duk wadda aka zaɓa zan bi da sauran. Da na zaɓa da kaina, da wanda aka kayar ya ga ɗan gyaran waje ne ya kayar da shi, kuma rigimar ofishinsu ta dawo kaina. Shugaban ya yanke cikin minti biyar.

Wuri ɗaya ne ba na yin shiru: in mai dubawa ya shigo da kuskuren harshe. Shugaban nan, dattijo ne da nake girmamawa, ya sa a cire s ɗin quatre-vingts a cikin quatre-vingts ménages, yana ganin lamba ba ta ɗaukar jam'i. Alhali tamanin cif tana ɗaukar s, sai in wata lamba ta biyo bayanta, kamar quatre-vingt-trois. Kunya za ta so ta hana ka magana, amma in rahoton ya fita da kuskuren, kai za a tambaya. Sai dai kada sawun giwa ya taka na raƙumi, wato kada ka danna Refuser ka shafe nasa kamar bai yi ba. Ka bar nasa a bayyane, ka yi naka a kansa da sawu a kunne, ka sa sharhi na layi ɗaya mai ɗauke da ƙa'idar, ba tare da "kun yi kuskure" ba. In zai yiwu ka kira shi kafin ya buɗe, ka ce ranka ya daɗe akwai wuri ɗaya da na mayar, ga dalili. A nan ne kaɗai bayanin nahawu ya cancanci sharhi.

Shi shugaban da ya ce bai iya karantawa ba, nuna masa abu biyu, za su sauƙaƙa masa. A saman Révision akwai zaɓi tsakanin Toutes les marques da Marques simples. Na biyun yana nuna rubutu a wanke da ɗan jan layi a gefe inda aka taɓa, in ya danna layin sawun ya fito. Sannan a Afficher les marques, Personnes spécifiques, zai iya barin gyaran mutum ɗaya kawai a fuska. In ya gamsu da na harshe da ka yi, sai ya bar naka kaɗai ya danna Accepter toutes les modifications affichées, na sauran biyun su saura ya bi su a tsanake. Ga mai karatu a talho kuwa, haɗa masa da kwafin PDF na wankakken rubutu, ka rubuta a sunansa cewa na karatu ne kawai, ya ba ka amsa da lambobin Q. Wankakken da ka tambaya a kai, nan ne gurbinsa: rakiya yake yi wa mai sawu.

Saƙon rakiyar kada ya wuce layi bakwai ko takwas: abin da ka gyara shiru, tambayoyi nawa ke jiran wa, tsarin zagayen, ranar da kake jiran ta dawo, da cewa kuɗin da kuka shirya ya ƙunshi dubawa ɗaya bayan gyaransu. Wannan na ƙarshen ka rubuta shi tun yanzu, domin sakin layin da masu dubawa suka ƙara ba wanda ya gyara su, kuma a cikinsu ne sabbin kurakurai ke shigowa.

Idan shugaban ya yanke komai ya ce a fitar da na ƙarshe, ka tuna Aucune marque ɓoyewa kawai yake yi, sawun na nan a jikin takardar, duk wanda ya buɗe zai iya fito da shi. Sai an karɓa ko an ƙi kowanne. Buɗe Volet Vérifications ka tabbata ƙirgen ya koma sifiri, har da na bayanan ƙasan shafi da kan shafi. Sharhin da aka danna wa Résoudre ma yana nan, dusashewa kawai ya yi, sai an goge shi. Kashe sawu kafin ka sabunta jerin abubuwan da ke ciki, in ba haka ba shafin duka zai koma soke da sabo. Sake neman fili biyu a jere da kalmomin da suka manne, karɓar gyara da yawa takan bar su. Inspecter le document kuma, wanda ke cikin Fichier, Informations, a kan kwafin ƙarshen nan kaɗai za ka yi shi. In ka cire bayanan masu rubutu da shi tun ana tsakiyar zagaye, sunayen kowa za su koma Auteur, kuma takardar za ta ci gaba da shafe suna duk lokacin da aka ajiye ta har sai an cire wannan umarni a cikin Options. Kwafin da ke ɗauke da sawun kowa da amsoshin tambayoyi ka adana shi daban. Wata uku bayan na miƙa wancan rahoton aka kira ni ana tambayar wa ya mayar da 1 520 zuwa 1 250, na buɗe Q7, ga amsar mai kula da kuɗi a ƙarƙashi da sunansa da ranar da ya rubuta.